Buganbiliya mai ganye da yawa amma ba ta fure

Tambaya: “Buganbiliyata ta cika da ganye kore shar, amma fure kaɗan take yi, ko da yake kullum ina ba ta ruwa. Ina matsalar take?”

Amsa: Ruwan da kake ba ta kullum shi ne babban dalili, domin wannan shuka, muddin ƙasarta na jiƙe, ƙarfinta kan tafi ga reshe da ganye. Ka daina ban ruwa har sai saman ƙasar ya bushe kamar zurfin yatsa, ganyen ya fara ɗan lanƙwasa, sannan ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya. Idan ka bi wannan tsari na 'yan makonni, sababbin rassa za su fara fitar da launi a bakinsu. Amma kada ka bari ganyen ya riƙa zubewa, domin ƙishin ya wuce kima ke nan.

Sai dai wannan ba zai yi aiki a inuwa ba, tana buƙatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6 kullum. Ka kuma dakatar da taki mai yawan naitirojin, kamar yuriya. Idan ganyen ya koma rawaya alhali ƙasa na jiƙe, mai yiwuwa saiwar ta fara ruɓewa, ka nemi masanin lambu ya duba.