Wasiƙar koci kan abincin ranar wasa

"Jama'a, wasiƙar koci ta ce yara su ci abinci awa 3 zuwa 4 kafin wasa, ban da soye-soye. Nawa shekararsa 15, wasansu ƙarfe 4 na yamma. Ba zai shiga fili da yunwa ba kuwa?"

Wa alaikumus salam Hajiya. To, ba zai ji yunwa ba, in dai an tsara abin yadda ya kamata. Kin ga, abinci mai maiƙo yana daɗewa a ciki kafin ya sauka. Yaro ya ci soyayyen nama ƙarfe 3, ya shiga gudu ƙarfe 4, jinin da zai taimaka wa ciki narkar da abinci ya tafi ƙafafu. Shi ne za ki ga ya dafe gefen ciki, ko tashin zuciya ya kama shi tun ba a je hutun rabin lokaci ba.

Abin da ke riƙe ɗan ƙwallo a fili shi ne abinci mai sitaci, irin shinkafa, taliya, dankali, burodi. Jiki yana ajiye shi a tsoka da hanta, daga nan yake ɗiba in ana gudu.

Mu ɗauka ɗanki kilo 55 ne. Da ƙarfe 12 da rabi, ki zuba masa dafaffiyar shinkafa kamar kofi biyu, da kifi ko kaza daidai tafin hannunsa, miyar kada mai ya yi mata yawa. Ya sha ruwa wajen kofi ɗaya da rabi, ya ci gaba da kurɓa kaɗan-kaɗan. Ƙarfe 3, ayaba ɗaya ko biyu, ko yankan burodi. Wannan ɗan abin na ƙarfe 3 shi ke toshe yunwar da kike tsoro. Wake da ɗanyen ganye masu kyau ne ƙwarai, amma a bar su sai bayan wasa, don suna kumbura wa wasu yara ciki.

Don Allah kuma kada yaro ya tsallake karin kumallo ranar. Wanda ya wuni bai ci komai ba, a zagaye na biyu za ki gane shi, ƙafa ta yi nauyi, fasin ɗinsa ya lalace, wani har jiri.

Ruwa kuwa, ki ce ya duba fitsarinsa. In ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Lemun ƙarin kuzarin nan na gwangwani kam a hana su, akwai sinadarin kafeyin a ciki, irin wanda ke cikin goro, yana sa bugun zuciya, yana kuma hana barci.

Da an tashi wasa, cikin awa ɗaya ya samu madara kofi ɗaya da burodi da dafaffen ƙwai biyu, sai abincin dare. In yana da ciwon suga, a bi tsarin likitansa, kuma ki sanar da koci kafin ranar.