Kwamfutar shagona tana zafi tana mutuwa: gyara ko sayen wata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a nan Maraɗi, kusa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Kwamfutata ta hannu ta shekara 4 a wurina. Tun ƙarshen hunturu, in ta yi aikin minti 25 ko 30 sai fankarta ta kama ƙara, ƙasanta ya yi zafi, ta mutu ɗif. Cikin awa 10 da nake buɗe shago, awa 2 na tafiya a jiran ta huce, kuma cinikina ya kai jikka 8 a rana. Wani mai gyara ya ce a canza katmer, wato uwar injin da duk sassan ciki ke haɗe a kanta, a jikka 45, wani yaro ya ce zai buɗe ya share ya sa sabon mai a jikka 5, ga kuma okaziyo an yi mani tayi a jikka 120. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da na jikka 5, amma kafin ka miƙa ta ga kowa, yau ɗin nan ka kwashe aikin mutane zuwa filash ko wani faifai na waje. Kundin ɗalibi da ya ba ka amana ya fi injin tsada, kuma mutuwar farat ɗaya tana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe, wani lokacin ma ta taɓa faifan ajiya idan irin tsohon nan ne mai juyawa.

Abin da ya sa ban goyi bayan canza katmer ba shi ne yadda ka ce tana mutuwa. Injin da katmer ɗinsa ya lalace yakan ƙi tashi, ko ya mutu ba tsari, da sanyin safiya ko da rana tsaka. Taka kuwa tana tashi lafiya, ta yi aiki, ta yi zafi, ta mutu, in ta huce ta sake tashi. Furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar injin, yake kare kansa. Yawancinsu an ƙayyade musu iyaka a wajen digiri 100, kuma in sun doshi nan sai su fara rage gudu, shi ya sa za ka ga injin ya yi nauyi kafin ya ɗauke. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ya yanke wuta gaba ɗaya. Wato tsaron da aka gina a cikin katmer ɗin yana aiki yadda ya kamata. In ka biya jikka 45 aka sa wani katmer aka mayar masa da fankar nan da ragar fitar da zafi a toshe, zafin zai dawo inda yake.

Zafin furosesa hanya ɗaya yake bi ya fita. Daga samansa yana ratsa ɗan siririn man da aka shafa, ya shiga farantin jan ƙarfe, ya bi bututun jan ƙarfe zuwa gefen injin, inda akwai ƴan siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, su ne ragar. Fanka tana zuƙo iska daga ƙasa ta hura ta tsakaninsu ta fita da zafin. Ƙurar hunturu, da ta titi, da garin takarda da ke tashi daga injin fotokwafi, duk fankar tana zuƙo su, su taru a bayan ragar daga ciki su dunƙule su yi kauri. Daga waje ba ka ganin komai. Man kuma da shekaru yana bushewa ya tsattsage, zafi ya daina wucewa sosai. Ƙara da cewa yawancin masu ƙera kwamfutocin hannu suna rubuta cewa a yi aiki da su a wurin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a Afrilu da Mayu garin nan yana haura 40, balle shago mai rufin kwano. Injin da ya lallaɓa cikin sanyi da raga rabi a toshe, bazara na shigowa sai ya kasa.

Za ka iya gane inda matsalar take kafin a kwance sukuru ko ɗaya. Ka saka ƙaramar manhaja ta kyauta, Core Temp ko HWMonitor, ka dubi digirin da safe bayan ta tashi da minti 10 ba ka buɗe komai ba. Lafiyayyen inji yakan zauna tsakanin 40 da 55, in ana aiki mai nauyi ya hau 70 zuwa 85. Idan taka tana zaune a 70 ba ta yin komai, ta kuma haye 95 da ka fara aiki, magana ta ƙare. Sannan ka sa bayan hannunka a bakin ragar gefe lokacin da fankar ke ƙara. In ƙara ta yi yawa amma iskar da ke fita ƴar kaɗan ce mai zafi, raga ce ta toshe, kuma daga bayaninka nan na fi zargi. In iska na fita da ƙarfi amma ba zafi a cikinta alhali manhajar na nuna 95, to zafin ba ya isowa ragar: man ya bushe, ko farantin bai zauna daidai ba, ko bututun ya mutu. In kuwa shiru ne ko ƙarar gogayya, fankar ce za a canza. Wasu injinan ma suna faɗa da kansu wajen tashi, HP kan rubuta 90B idan fanka ce, ThinkPad kuma ya rubuta Fan error.

Abu ɗaya zai sa in canza magana: idan ka ga tana mutuwa digirin na ƙasa da 80, ko tana mutuwa daidai lokacin da wuta ta ɗauke ko aka taɓa igiyar caja. Wannan sai a fara zargin batir ko caja. In kuma ka ga jikinta ya kumbura ko wurin da ake shafa yatsa a motsa kibiya ya ɗago, batir ne ya kumbura, a daina caji a cire shi, don yana iya kamawa da wuta.

Yanzu ga jikka 5 ɗin. Kuɗin ba shi da yawa, amma aikin ana yin sa da kyau ana kuma yin sa na ha'inci, saboda haka ka zauna a yi a gabanka. Da ya buɗe bayanta, abu na farko ya zare igiyar batir daga katmer. Ya cire fankar gaba ɗaya, don ƙurar tana tsakaninta da ragar, ka gan ta da idonka an ɗago ta. Wanda ya tsaya hura iska daga waje sau da yawa tura dunƙulen yake ya koma cikin fanka. In za a hura, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Kada ka yarda a kai ta wurin mai faci, iskar injinsa ta yi ƙarfi kuma tana zuwa da laima da mai. Bayan nan a kwance farantin jan ƙarfe, a goge tsohon man tas daga fuskokin biyu da alkwal mai ƙarfi, na kashi 90 ko fiye, da ƙyalle mai tsabta, ba a kankare da wuƙa ba. Sabon man ɗigo ɗaya ne, bai wuce ƙwayar shinkafa ko biyu ba, matsin farantin ne zai baza shi. Ka nemi ganin sirinjin da man ya fito. Ba a sa man goge baki ko giris, ko da wa ya ce yana yi. Sukurorin farantin galibi suna da lamba 1, 2, 3, 4 a gefensu, a bi lambar ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan don ya zauna daidai. Idan akwai ƴan faci masu laushi a kan wasu sassa, a mayar da su yadda suke, mai ba ya maye gurbinsu. Kada kuma a manta da mayar da igiyar fanka, wannan mantuwar tana faruwa.

Kafin ka biya, ku kunna ta nan take ku buɗe manhajar, ku sa ta aikin da ya saba kashe ta na rabin awa. Ka yi yarjejeniya da yaron tun farko a kan haka: lambar da ka rubuta da safe, da lambar bayan gyara.

Mu dawo lissafi. Awa 2 cikin 10 kashi ɗaya bisa biyar ne na yininka, wato sefa 1,600 cikin jikka 8. A kwana 26 na aiki ya zama sefa 41,600. Ko da rabin masu zuwa suna haƙuri su jira, kana asarar sama da jikka 20 a wata, ban da wanda ya tsallaka shagon gaba ya saba da can. A kan cikakken lissafin, jikka 5 tana dawowa cikin kwana 4. Ko an ce sai an ƙara da sabuwar fanka, har yanzu kana nesa da 45. Ita kuma okaziyo ta jikka 120 cinikin kwana 15 ce cur ba ka cire kuɗin takarda da tawada da haya ba, kuma injin da ya yi shekaru a hannun wani kafin ya iso Maraɗi shi ma da tsohon mansa yake zuwa. Zan ce ka saye ta ne kawai idan an share, an sa mai, fanka da bututu suna lafiya, amma mutuwar ta ci gaba. A lokacin ma na fi son ka sa kuɗin a kan wani injin da ka gwada shi da manhajar kafin biya, maimakon katmer na hannu da ba wanda zai tsaya maka a kansa. Tsohuwar sai a sayar wa masu gyara, allonta da madannanta suna da kuɗi.

Kafin ka samu zuwa wurin gyaran, akwai dabarar da za ta rage mutuwar. Ka danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta:

```
powercfg.cpl
```

Ka shiga saitin tsarin wutar da kake kai, ka danna Change advanced power settings, a ƙarƙashin Processor power management ka nemi Maximum processor state, ko État maximal du processeur idan injinka da Faransanci yake, ka mayar da shi 99 daga 100. A injina da yawa wannan yana hana furosesa ƙara gudu na musamman, zafi ya sauka, kuma a buga takardu da wuya ka ji bambanci. Ka ɗaga bayanta da ɗan katako yadda iska za ta shiga ƙasa, ka daina aza ta a kan tarin takardu ko darduma, ka matsar da ita daga bakin ƙofa da gefen da injin fotokwafi ke fitar da zafi. In ka tashi ka kashe ta sannan ka rufe da ƙyalle, ba a rufe ta tana kunne.

A shago irin naka, ni ina ganin a share raga sau biyu a shekara, ɗaya a Maris bayan hazo ya wuce kafin zafi ya kankama, ɗaya bayan damina. Man kuwa duk shekara 2 ya isa, sai in digirin ya nuna akwai buƙata kafin nan. Ka ware dala 20 kullum daga ciniki, cikin wata 6 ta haura jikka 15, ta ishe ka sharar har da ragowar da za ta taimaka ranar da fanka ta gaji. Ka rubuta ranar gyaran da digirin da ka gani a bayan littafin cinikinka, in ka ga ya ƙaru da 10 a kan wannan lambar a irin yanayi ɗaya, ka kai ta tun ba ta fara mutuwa ba.