Buhu na bakwai: ciniki ne ko wahalar banza?

Tambaya: Ina da gidan burodi mai tanda ɗaya. Kullum ina kwaɓa buhun fulawa 6, burodin kowane buhu yana kawo naira dubu 130, kuma in na raba abin da na kashe, kowane buhu yana cin dubu 104. Wata makarantar kwana tana son burodin buhu ɗaya kullum a kan dubu 115. Ni dai riba nake gani, amma yarona da ke karatun tattalin arziki ya ce asara ce, wai na riga na kai wurin da MC = AC. In karɓa, ko in gina tanda ta biyu? Daga mai gidan burodi, Funtuwa.

Amsa: Alhaji, ina jin yaron nan ya fi ka gaskiya, amma kada ka yarda da shi ko da ni sai ka ga lissafin da idonka. Ban ga littafin cinikinka ba, don haka zan ƙaga lambobin misali da suka dace da dubu 104 ɗinka, kai kuma ka sa na gaskiya a gurbinsu.

Kuɗin da kake kashewa iri biyu ne. Akwai wanda ba ruwansa da yawan burodi: haya, albashin mai gadi da mai rubutu, lalacewar tanda da injin kwaɓi. Mu ce dubu 60 a rana, ko ka gasa ko ba ka gasa ba. Akwai kuma wanda ke tafiya da buhu: fulawa, sukari, yis, bota, itace, leda, ladan masu kwaɓi. Muddin tandar ɗaya ce kuma rumfar ba ta ƙaru ba, kana cikin abin da masana ke kira gajeren zango. Ba da wata ko shekara ake auna shi ba. Yana ƙarewa ne ranar da ka iya canja tandar kanta.

To, bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi nawa kowanne ya ƙara a kan kuɗin ranar. Na farko ya ƙara dubu 100, domin shi ya sha itacen ɗumama tanda mai sanyi. Na biyu dubu 90, na uku dubu 80, saboda wuta ta riga ta kama kuma yara sun raba aiki, mai awo daban, mai jera gwangwani daban. Daga nan sai abin ya juya. Na huɗu 90, na biyar 100, na shida 104, na bakwai 125, na takwas 147. Fulawar ba ta ƙara tsada ba. Tandar ce ta cika. Kwaɓi yana jiran layi har ya wuce tashi, zafi ya sauka sai an sake zuba itace, aiki ya kai dare sai an biya ƙari, mai gasawa ya gaji ya fara ƙona gefe. Wannan ƙarin da buhu na ƙarshe ya jawo shi ne MC ɗin yaronka.

Yanzu haɗa dubu 60 ɗin nan ka raba. Buhu 1 ya ci dubu 160 shi kaɗai. Buhu 2 sun ci 250, wato 125 kowanne. Buhu 3 sun ci 330, wato 110. Buhu 4 sun ci 420, wato 105. Buhu 5 sun ci 520, wato 104. Buhu 6 sun ci 624, har yanzu 104. Buhu 7 sun ci 749, wato 107. Wannan rabon shi ne matsakaici, AC a littafinsa.

Ka dubi buhu na huɗu da kyau, don a nan mutane ke ruɗewa. Kuɗin ƙari ya riga ya fara hawa, daga 80 zuwa 90, amma matsakaici ya ci gaba da sauka, daga 110 zuwa 105. Dalili shi ne matsakaici bai damu da ko sabon buhu ya fi wanda aka yi kafin shi tsada ba. Abin da ya dame shi kawai, shin sabon ya fi matsakaicin da ya tarar ko bai kai shi ba. Kamar mai sayen raguna ne da kuɗin kowanne ya kama dubu 110 in an raba. In ya ƙaro na dubu 90, dole rabon ya sauka, ko da ragon da ya saya kafin shi na dubu 80 ne. In ya ƙaro na dubu 125, dole ya hau.

Ke nan duk lokacin da kuɗin ƙari yake ƙasa da matsakaici, yana janyo shi ƙasa, in kuma yana samansa, yana ɗaga shi. Wurin da matsakaici ya daina sauka bai kuma fara hawa ba, ba yadda za a yi kuɗin ƙari ya kasance ƙasa da shi ko sama da shi, sai dai su zo daidai. Shi ya sa a zanen littafi layin MC yake tasowa daga ƙasa ya ratsa na AC daidai a gindin kwarinsa. Ba wata ɗabi'ar burodi ba ce, lissafin rabo ne ya tilasta hakan, kuma haka yake a injin casar shinkafa ko wurin buga bulo. A misalinmu, buhu na shida ne: ya ƙara 104 a kan matsakaicin 104.

Ga hukuncin makarantar. Buhun da za ka yi musu na bakwai ne, kuma dubu 125 zai ci, ba 104 ba, ba ma 107 ba. Yau kana samun dubu 780, ka kashe 624, saura 156. In ka karɓa, kuɗin shiga ya zama 895, ka kashe 749, saura 146. Ka ƙara aiki, ka rage wa kanka dubu 10 kullum. Abin haushin shi ne littafinka zai nuna 107 a matsayin kuɗin buhu, ka riƙa ganin kamar akwai ribar dubu 8.

Sai dai ka gaya wa yaron kada ya zarce. Gindin kwarin nan ba shi ne wurin da riba ta fi yawa ba. Da masu shayi za su kwashe buhu na bakwai a farashinka na dubu 130, da na ce ka yi, domin saura zai zama 161 duk da matsakaici ya hau. Na takwas ne zan hana ka, tunda 147 ya wuce 130. Farashi da kuɗin ƙari ake gwadawa.

Don gano naka lambobin, ka kwatanta jimillar kuɗin ranar da ka yi buhu 6 da ranar da ka yi 7, kamar jajibirin salla, ka sa har da ƙonannen burodi da kuɗin aikin dare. Ka zaɓi ranakun da fulawa take farashi ɗaya, in ba haka ba za ka ɗora wa tanda laifin kasuwa. Ƙarin haya kuwa matsakaici kaɗai yake ɗagawa, ba ya taɓa kuɗin buhu na bakwai.

Tanda ta biyu wata magana ce, don ita ce fita daga gajeren zangon. In ta ɗora maka dubu 30 a rana ta kuma mayar da buhun ƙari dubu 100, cinikin makarantar zai bar maka dubu 15 ne kawai, rabin kuɗinta, ga shi kuma suna tafiya hutu. Kada ka gina sai kana da masu ɗaukar buhu 3 na ƙari duk shekara. A yanzu ka ce musu ƙasa da dubu 130 ba za ta yiwu ba, ko kuma su karɓa a ranakun da kasuwarka ta yi sanyi har kwaɓinka ya sauko buhu 4, inda nasu zai zama na biyar mai cin dubu 100.