Oga ya ce a yi masa tebur, to wane tebur ɗin?

Tambaya: "Salam 'yan uwa. Sabuwar sakatariya ce ni a wani ofis a Wuse. Ogana guntun saƙo yake turowa, 'shirya tebur', 'turo banki', 'gyara det'. In na tambaya wanne yake nufi ya hau faɗa, in na yi yadda na fahimta ya ce ba haka ba ne. Dan Allah ya kuke yi ku gane abin da ake nufi?"

Wa alaikis salam ƙanwata. Wallahi ina karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, don tebur ɗin nan da kika ambata shi ya raba ni da aikin da na yi shekaru ina yi a nan Jos. Kar ki bari kowa ya sa ki ji kamar kanki ne ba ya ja. Kalmar ce mai fuska biyu, shi kuma mai turowa abin da ke ransa kawai yake gani, ya ɗauka ke ma kina cikin kansa.

Ni nawa ogan yana kan hanyar Abuja ya turo min: "A yi min tebur na mutum 12, na kwamitin nan, kafin in dawo." To a lokacin an daɗe ana ƙorafi a ofis cewa teburin ɗakin taro ya yi kaɗan, shi da bakinsa ya ce wata rana za a kira kafinta. Duk da haka ban yi gaban kaina ba, na rubuta masa, "Ranka ya daɗe wane irin tebur?" Amsar da ya ba ni har yau tana wayata: "Tebur nawa kika sani? Komai sai an tauna an ba ki?" Na kira bai ɗaga ba. Na sake kira ya kashe. Sai na hau keke na tafi Katako, na samu kafinta, muka yi ciniki, na ba shi kafin alƙalami dubu arba'in daga kuɗin hidimar ofis, ya yanka katako. Ashe bawan Allahn nan jadawali yake so a takarda, sunayen 'yan kwamiti goma sha biyu da alawus ɗin kowa, wanda zai haɗa da rahoto. Da ya dawo bai ko ja ni gefe ba, a gaban baƙi, a gaban masinja, a gaban yaron da ni na koya wa aiki ya ce wai ko ɗan firamare ya san mene ne tebur. Na buɗe wayata in nuna masa inda na tambaya, ya ce in rufe masa baki. Ƙarshen wata aka zare dubu arba'in ɗin daga albashina, a watan Disamba, ga sanyin Jos ga kuɗin makarantar yara yana tafe. Abin da ya fi ci min rai ma ba kuɗin ba ne, teburin da aka ci mutuncina a kansa shi da kansa daga baya ya sa aka ƙarasa, yanzu haka a kansa suke zaman taro. Ko a ce min yi haƙuri ba a yi ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, gaskiya.

To bari in gaya miki abin da nake yi yanzu a inda na koma. Kafin ki kalli kalmar, ki kalli aikin da aka ce a yi mata. In aka ce cike tebur, ƙara layi a tebur, buga tebur, tura tebur ta imel, wannan na takarda ne, na Word ko Excel. In aka ce ɗauko, goge, jera, matsar, to na katako ne. Masu rikita mutum su ne "yi", "shirya" da "gyara", don duka biyun ana yin su, ana shirya su, ana gyara su, kuma su ne ogogi suka fi so saboda gajeru ne. In kika ga ɗaya daga cikin ukun nan kar ki motsa sai kin duba sauran kalmomin da ke tare. An ambaci suna, kuɗi, jimla, rahoto? Takarda. An ambaci kujeru, ɗaki, ruwa, baƙi? Katako. Saƙon da ya halaka ni babu ko ɗaya a ciki, "mutum 12" yana shiga nan yana shiga can, kuma irin wannan saƙon ko shekara ashirin kika yi a aiki ba za ki warware shi da tunani ba, dole sai mai shi ya faɗa.

A nan ne yadda ake tambayar yake da tasiri. Mutanen nan in ka ce musu "me kake nufi" ko "wane iri", ji suke kamar ka ce ba su iya magana ba, kuma ka ɗora musu aikin rubuta dogon bayani suna cikin mota. Ki ba shi zaɓi biyu kawai wanda zai amsa da lamba ɗaya. Misali: "Yallaɓai, 1 jadawalin sunaye da alawus a Excel, ko 2 teburin zama a ɗakin taro?" Ko mai girman kai ne zai danna 1 ya wuce. In kuma kin kusa tabbata, kar ma ki sa alamar tambaya, ki mayar masa da maganar da cikonta: "To yallaɓai, zan haɗa sunayen mutum 12 da alawus ɗinsu a Excel in turo kafin azahar." In ba haka ba ne zai yi wuf ya gyara miki, don gyara wa mutum ya fi musu daɗi a kan amsa tambaya. Kuma a rubuce, dan Allah a rubuce. Ko a waya kuka yi magana, ko saƙon murya ya turo ga ƙarar mota ga iska, kina ajiyewa ki rubuta abin da kika ji ki tura masa. Ni rubutun bai cece ni ba a wajen wancan azzalumin, amma a inda akwai akanta ko manaja mai tsoron Allah, shi ne shedarki.

Ba kuma kowane saƙo ne ya cancanci tambaya ba, in kina tambaya a kan komai za su raina ki. Ki auna: in na yi kuskure me za a rasa? Jadawali minti goma ne, ki yi kawai ki ɗauki hotonsa ki tura, in ba shi ba ne an yi asarar minti goma. Amma duk abin da kuɗi zai fita, ko a yanka, ko a buga kwafi ɗari, ko a tura wa mutanen waje, wannan ko zai zage ki ki tsaya sai ya tabbatar. In ya ƙi amsawa ki yi mai arhar, ki bar mai tsadar ya jira shi.

Banki bai cika ba ni wahala ba. "Turo banki" yawanci ba sunan bankin kaɗai ake so ba, don haka ki tura ukun a saƙo ɗaya: sunan banki, lambar asusu mai lamba goma, da sunan mai asusun. Abin dubawa kawai shi ne asusun wa, na ofis ko nasa ko na wanda za a biya. In kuma ya ce "kawo min bankin nan" wayarsa na hannunsa, fawa banki yake nufi.

Det kuwa, wato kwanan wata, ita ce mai kisan mummuƙe, don kuskurenta ba ya fitowa sai ranar ta zo. "Gyara det" a wasiƙar gayyata, akwai ranar da aka rubuta wasiƙar a sama, akwai ranar taron a ciki, wani lokaci har da ranar ƙarshe ta amsawa. Ki tambaya da lamba kamar yadda na ce. Sannan ko an gane wacce, yadda aka rubuta ta ma wata rigimar ce. 03/04/2025 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, ranar Alhamis, amma Amurkawa wata suke fara sawa, a wajensu 4 ga Maris ne, ranar Talata. In kuna aiki da ƙungiyoyin waje a Abujan nan za ki gamu da wannan. In ɗaya daga lambobin ta wuce 12 babu matsala, 25/03 ba ta da wata fassara. Daga 1 zuwa 12 ne tarkon yake. Kuma kwamfutoci da yawa a ofisoshinmu a tsarin Amurka suke zuwa ba wanda ya canza, sai ki buga 03/04/2025 a Excel ya karɓa shiru a matsayin Maris. Alamar da za ki gane, ki buga 25/03/2025 a wani gida: in ya manne a hagu maimakon dama, to bai ɗauke ta a kwanan wata ba, injin a tsarin Amurka yake, sauran ranakun da ke dama kuma ki zarge su duka. In kina so ya nuna miki watan da ya fahimta, ki sa wannan a gefe, ki canza A2 da gidan da kwanan watan yake:

```
=TEXT(A2,"dd mmmm yyyy")
```

Zai rubuto sunan watan ɓaro-ɓaro. Ni dai yanzu ko a saƙon waya ba na rubuta wata da lamba, "Alhamis 3 ga Afrilu" nake sawa, don in ranar da kwanan watan ba su dace ba nan take wani zai lura.

Kar ma ki ce Turanci ne kaɗai ke da wannan. In dattijo ya ce miki "daren Juma'a", a lissafinmu na Musulunci dare ke gaban yini, wato daren da za a wayi gari Juma'a, Alhamis da daddare kenan, amma yaran ofis da abokan aikinmu da ba Musulmi ba Juma'a da daddare za su ji. A Jos da muke cakuɗe na ga an dafa abincin walima mutane rabi sun zo yau rabi gobe. Haka "Litinin mai zuwa" in an faɗa ranar Asabar, wani jibi yake nufi, wani ta sama. Duk ki mayar musu da kwanan wata.

Wani abu kuma, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da shi ogan naki yake nufi duk sanda aka warware, don kowane mutum da yadda yake amfani da kalmarsa. Wadda nake yi wa aiki yanzu in ta ce tebur kullum Excel ne, na katako "des" take ce masa, tun da na gane haka ban sake tambayarta ba. Ki kuma ja tsohon direba ko masinjan ofis a jiki, sun fi kowa sanin yaren oga. Sannan in ya fara maganar taɓa albashinki a kan irin wannan, kar ki yi shiru kamar yadda aka sa ni na yi, ki ɗauki hoton saƙonnin tun yau ki ajiye a imel ɗinki na kanki, ba na ofis ba. Ki turo mana ainihin saƙon da ya aiko miki na ƙarshe, ki goge sunaye, mu duba tare mu ga ko akwai kalmar da ta nuna inda ya dosa. Allah ya ba ki sa'a, ya kare miki mutuncinki.