Takardar wakilci: wa ke ba da iko, wa ke karɓa?

"Malam, zan yi tafiyar wata 6, ina so ƙanena ya riƙa karɓar mini kuɗin hayar shagunana 3. Shi ya je aka buga takardar wakilci da Turanci, an kwafo ta daga wata tsohuwa. Na duba, an rubuta sunayenmu daidai. Akwai layin da ya ce zai iya 'yin duk abin da ya dace game da dukiyata', ya ce da shi zai juya kuɗin su ninka kafin in dawo. In sa hannu?"

Alhaji, ajiye biron nan tukuna. Kuskurenka ɗaya ne: wanda za a ba ikon shi ka bari ya je ya tsara takardar, kai kuma da aka kawo maka sai ka duba haruffan sunanka kawai. Ban ce ƙanenka macuci ba ne. Amma dukiyar taka ce, kuma abin da ke rubuce shi banki da kotu za su karanta, ba abin da kuka yi nufi a zuci ba.

A takardar Turanci, mai ba da iko ana ce masa "dona", wanda aka ba ikon kuma "doni". A rubuce "donor" ne da "donee", haruffa biyu na ƙarshe ne suka raba su, shi ya sa mai buga takarda da ke kwafo tsohon aiki yakan musanya su bai ma sani ba. Kai ne dona, wato muwakkili. Ƙanenka ne doni, wato wakili. Idan aka musanya ku tun a sakin layi na farko, takardar cewa take yi ƙanenka ya wakilta ka a kan dukiyarsa. Wannan da sauƙi, domin ranar farko da ya kai ta banki za a dawo masa da ita, sai dai kai kana can wata ƙasa, ba halin sake sa hannu.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce musanyar da ke ɓoye a tsakiya, saman takarda lafiya lau. Ga yadda za ka kama ta. Yi hoton takardar, ka ɗauki fensir, duk inda ka ga ɗaya daga cikin kalmomin nan biyu ka rubuta sunan mutumin a samanta. Sannan ka karanta a bayyane, layi bayan layi, da sunayenku na gaskiya. In Turancin bai zauna maka sosai ba, sami wanda ba ruwansa da maganar ya fassara maka, ba ƙanenka ba. Kunnenka zai ji abin da idonka ya tsallake. Ka tsaya sosai a layin da ya faɗi wa ke da ikon soke wakilcin: dole ya zama kai. Haka layin ba da lissafi: shi ne zai ba ka, ba kai za ka ba shi ba. Sai layin da ake alƙawarin amincewa da abin da wakili ya aikata bisa ikon da aka ba shi, wannan alƙawarinka ne. A ƙarshe ka duba wurin sa hannu, domin sa hannun mai ba da iko shi ne ran takardar.

Na taɓa ganin irin wannan a hannun wata 'yar kasuwa da ta wakilta ɗan yayarta. Shafi 3 ne, kalmomin nan sun fito sau 20 da wani abu, sau ɗaya tak aka musanya, a layin sokewa. Da suka saɓa ta aika masa cewa ta janye wakilcin, sai ya sa yatsa a kan layin ya ce shi takarda ta ba ikon sokewa. Lauya ya gaya mata kuskuren bugu ne a fili, kuma ana iya gyara shi, amma kafin a warware, masu haya sun rasa wanda za su biya, sai suka riƙe kuɗinsu. Kusan shekara guda ba ta ga haya ba. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin karatun minti 15 ne da ya hana duk wannan.

Yanzu layin nan na "duk abin da ya dace". Ya dace a wurin wa? Kotuna sun saba karanta takardar wakilci da tsanani: ikon da ba a ambata ba, ba a ɗauka an bayar, kuma kalmomi masu faɗi ana taƙaita su ga manufar da takardar ta bayyana. Ikon kula da shago ba ikon sayar da shi ba ne, ba kuma ikon jinginar da shi a ci bashi ba. To amma kada wannan ya kwantar maka da hankali. Irin wannan layin ta fuska biyu yake cutarwa. Idan wakili mai gaskiya ne, banki zai ce ba a ambaci asusu ba, ya hana shi aikin da kake so ya yi. Idan kuma ya zarme, zai nuna wa wani layin ya karɓi bashi da sunanka, kai kuma ka dawo ka shiga shari'a don ka tabbatar ba ka ba shi wannan ikon ba. Ko ka yi nasara, lokaci da kuɗin lauya sun tafi.

Maganar ninka kuɗi a wata 6 kuwa, ba na son in ji ta. Wace halastacciyar sana'a ce ke ba da riba ɗari bisa ɗari a rabin shekara ba tare da haɗarin cinye uwar kuɗi ba? In yana da wata harka, ya kawo ta daban ku zauna a kanta. Kada a cusa ta ƙarƙashin takardar karɓar haya.

A cire layin gaba ɗaya, a rubuta aikin da sunansa. A ambaci shagunan 3 ɗaya bayan ɗaya da adireshinsu. A ce zai karɓi haya, ya ba da rasit, ya zuba kuɗin a asusunka mai lamba kaza cikin kwana 7. Gyaran shago kada ya wuce, a misali, kashi 10 cikin 100 na hayar da ya karɓa sai da izininka a rubuce. Sabunta haya kada ya wuce shekara 1. Sannan a rubuta abin da aka hana shi ƙarara: ba sayarwa, ba jingina, ba cin bashi, ba cire kuɗi daga asusun, ba wakilta wani a madadinsa. A sa ranar farawa da ranar ƙarewa da lambobi, ka ƙara wata 1 a kan tafiyarka saboda jinkirin hanya.

Ka kuma nemi kalmar da ke cewa wakilcin ba ya sokuwa. Tsofaffin takardu da aka yi wa wanda ya sayi fili sukan ɗauke ta, tare da ikon sayarwa, kuma tunda taka kwafe ce, tana iya biyo ta. Irin wannan sharaɗi na wanda ya biya kuɗi ne yana da haƙƙi a cikin dukiyar. Ƙanenka aike ka yi masa, don haka wannan sharaɗi ba shi da wurin zama a takardarka.

In ka sami kuskure, kada a goge ko a shafa farin fenti a rubuta a kai, domin takardar da aka taɓa da hannu zargi take jawowa. A sake buga shafin, ka sake karanta shi da fensirinka. Sharuɗɗan shaidu, hatimi da rajista sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka kai ta wurin lauyan da kai ka zaɓa, kai ka biya. Kafin ka tashi, ka ɗauki ƙanenka da kwafin takardar ku je bankin tare, a duba ta a gabanka a ce an karɓa.