Ba kowane ruwa ne sanyi ba

"Goggo, cikina wata biyar, kuma ruwa yana yawan fita mini ta gaba, wani lokaci har da ƙaiƙayi. Manya sun ce sanyi ne, al'adarmu mai ciki ba ta shan maganin asibiti a kansa, sai dai ta riƙa kama ruwa da ruwan zafi har ciki, ta haƙura sai ta haihu. Haka ne?"

'Yata, na ji daɗi da kika cire kunya kika tambaye ni. A shekarun da na yi ina karɓar haihuwa, na ga abin da shiru yake jawo wa mata a kan wannan magana. Manyan da suka gaya miki haka tsoron magani suke yi saboda ɗan da ke ciki, kuma tsoron yana da tushe, domin akwai magungunan da mai ciki ba ta sha. Inda aka samu matsala shi ne kalmar sanyi. Mun ɗauki kalma ɗaya mun rufa a kan abubuwa daban-daban, wani lafiya ne, wani ciwo ne mai sauƙi, wani kuma yana iya jawo naƙuda kafin lokaci.

Fitar ruwa kaɗai ba ciwo ba ne. Da zarar ciki ya shiga, jini yana ƙara kwarara zuwa mahaifa da gaba, sai ruwan ya ƙaru, kuma yana ci gaba da ƙaruwa har watan haihuwa. Idan fari ne ko garau, mai ɗan tsinkewa, ba wari, ba ƙaiƙayi, ba raɗaɗi, ki bar shi. Shara yake yi miki, yana hana ƙwayoyin cuta hawa sama. Shi ya sa ban yarda da wanke can cikin gaba ba. Akwai ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a wurin, su ne suke riƙe da ɗan tsamin da ke kare ki. Ruwan zafi da sabulu da turare suna kore su, sai masu cutarwa su samu fili. Ki wanke waje kawai da ruwa mai ɗumi, daga gaba zuwa baya, ki tsane, ki sa wandon auduga wanda ba ya matse ki.

Ƙaiƙayin da kika ambata shi ne abin dubawa. Ki kalli ruwan da kyau a jikin wando. Idan ya yi kauri, fari, guda-guda kamar madarar da ta tsinke, wurin ya yi ja, yana ƙaiƙayi har ya hana ki barci, amma ba wari, galibi wata ƙwaya ce dangin yis da ta yi yawa, kuma masu ciki sun fi kowa samunta. Ba ta taɓa ɗan ciki. Maganinta na matsi ne da na shafawa, irin su kulotirimazol, kuma ga mai ciki akan kai kwana 7 ana yi. Ki sa da yatsa mai tsabta a hankali lokacin kwanciya. Ƙwayar haɗiya ta fulukonazol, wadda ake ba wadda ba ta da ciki, ke kada ki sha. In kin yi magani yana ta dawowa, ki ce a auna miki sukari.

Idan kuwa ruwan tsararo ne, launin toka-toka, yana ƙarni kamar kifi, musamman bayan kwanciya da maigida, wannan daban ne, maganin matsin can ba zai taɓa shi ba. Haka in ya yi ruwan ɗorawa ko kore yana kumfa, wanda sau da yawa sai an haɗa da mijin a magani, in ba haka ba ya sake dawo miki da shi. Waɗannan ana danganta su da fashewar faya da wuri da haihuwar bakwaini, don haka sai an ɗebi ruwan an duba, sannan a rubuta magani, galibi metironidazol, wanda kuka sani da filajil.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fitsari, ko da yake ba ki ambace shi ba. Ciki yana sa hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda su saki, mahaifa kuma ta danne su, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Yawan fitsari kaɗai abin ciki ne. In akwai zafi ko raɗaɗi lokacin yi, ko kina jin ya matse ki ki je ki ɗiga kaɗan, ko ya yi duhu-duhu da wari, ko mara na ciwo, to ciwo ne. Wani lokacin ma babu alama ko ɗaya. Cikin masu ciki 100, tsakanin 2 zuwa 10 suna ɗauke da ƙwayoyin a fitsari ba su sani ba, kuma idan ba a yi magani ba, kusan ɗaya cikin huɗu ciwon yakan hau mata ƙoda. Dalilin ƙaramar kwalbar nan da ake miƙa miki a wurin awo ke nan. Ki wanke hannu da gaba, ki bar farkon fitsarin ya zuba, ki tari na tsakiya. Gwajin tsinke nan take yake fitowa, amma wanda ake shuka ƙwayoyin a gane maganin da zai kashe su yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Ki koma ki karɓi sakamakon, mata da yawa ba sa komawa.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa, cikin fari, wata bakwai. Ta yi kusan mako biyu tana jin zafin fitsari, ta yi shiru don kunya, tana ta kama ruwa da ruwan zafi. Sai zazzaɓi ya rufe ta, aka ce na sauro ne, ta sha maganinsa kwana uku ba sauƙi. Da aka kawo ta tana rawar ɗari, haƙoranta na haɗuwa, ma'aunin zafin jiki ya nuna 39, tana amai. Na ɗan bubbuga bayanta ta dama, ƙasan haƙarƙari, ta zabura har ta riƙe mini hannu. Na ɗora tafina a cikinta, na ji yana ɗaurewa yana saki. Ciwon ya kai ƙoda, yana neman tayar da naƙuda. Aka kwantar da ita, ƙarin ruwa da allurai ta jijiya, sai da ta kwana biyu zazzaɓin ya sauka, cikin ya lafa. Allah ya taimaka ta kai watanninta. Da ranar da zafin ya fara ta faɗa, ƙwayoyin magani na kwana 7 a gida sun isa.

Akwai magungunan fitsari da aka daɗe ana ba masu ciki lafiya, irin su sefalekzin. Naitirofurantoyin ma ana bayarwa, amma ana kauce masa in haihuwa ta matso. Su tetirasaikilin da sifiro kuwa ba na mai ciki ba ne. Kin ga dalilin da ba za ki karɓi ragowar maganin wata ki sha ba. In an rubuta miki, ki shanye duka ko kin ji sauƙi a kwana na biyu, ki yawaita shan ruwa, kada ki riƙe fitsari.

Kada ki jira ranar awo idan kika ga zazzaɓi da ciwon baya ta gefe ɗaya, ko jini, ko motsin yaro ya ragu, ko ruwa garau ya tsinko miki yana bin ƙafa ba ki iya riƙe shi, domin wannan yana iya zama faya ce ta fashe. Ko tsakar dare ne ki tashi maigida ku tafi. Ƙaiƙayin nan kuwa, gobe da safe ki je a duba, kuma kada ki matsa komai yau da dare don kada ya ɓata gwajin. In kina jin nauyin surukarki, ki ce mata ni na aike ki, zan kira ta da kaina.