Kwamiti ya ce babu giɓi a bayanin matsalata

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma bincikena a kan masu tarin fuka ne da ke daina shan magani. Sau biyu kwamiti na maido min da daftarin bincikena, wai bayanin matsalar ya yi faɗi, ba su ga giɓi ba. Alhali na rubuta cewa ba a taɓa yin wannan bincike a asibitin da na zaɓa ba. Me kuma suke nema?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan jimlar da ka dogara da ita, ita ce ta kayar da kai. Akwai dubban asibitoci da ba a taɓa bincike a cikinsu ba, kuma ba kowanne ne ya cancanci digiri ba. Giɓin da kwamiti ke nema shi ne abin da ba a sani ba, wanda rashin saninsa ke hana wani yanke shawara.

Masanin harshe John Swales ya bayyana tsarin rubuta gabatarwar bincike a 1990: ka nuna filin, ka nuna inda aka bari ba a nome ba, sannan ka shiga wurin. Ni nakan ce wa ɗalibaina su ɗauke shi kamar mazurari, kowane sakin layi ya fi na samansa matsewa.

Bakin mazurarin jimla biyu ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 10 ke kamuwa da tarin fuka duk shekara, kuma cuta ce da ake warkewa. Shi ke nan, ka wuce. Na sha ganin ɗalibi ya ci shafi uku yana ba da tarihin cutar tun daga Robert Koch a 1882, a gaban farfesoshin da suka shekara ashirin suna koyar da ita.

Daga nan sai matsalar kanta. Maganin da aka saba bayarwa na wata 6 ne: wata 2 na farko da magunguna huɗu, sauran wata 4 da biyu. Tari kan lafa tun a makonnin farko, mutum ya ji ƙarfi a jikinsa, sai ya yi sakaci. Katse maganin kuwa na iya dawo da cutar, ko ya haifar da irin wadda ba ta jin magani.

Sakin layi na uku shi ne inda ake yin ta, kuma nan ne yawancin ɗalibai ke ba da kai. Kada ka jero sunaye, wane ya ce, wance ta ce. Tara abin da ka karanta gida-gida, ka faɗi abin da aka tabbatar da kuma yadda aka auna shi, domin sau tari giɓin a cikin ma'aunin yake ɓuya. Ga misali. A ƙa'idar Hukumar, ana lissafa majiyyaci a matsayin wanda ya ɓace ne idan ya katse magani wata 2 a jere ko fiye. To wanda ke tsallake kwana goma, ya dawo, ya sake tsallake sati biyu fa? A rajista lafiyarsa ƙalau. A ce ka duba ka tarar nazarce-nazarcen da ke hannunka duk da rajista suka yi aiki. Sai ka rubuta:

"Binciken da aka yi ya dogara ne da rajistar asibiti, wadda ke kama katsewar wata 2 ko fiye kaɗai. Saboda haka ba a san yawan gajerun katsewa a wata 4 na ƙarshe ba, balle dalilansu. Rashin wannan sani ya sa ma'aikatan lafiya ba su da ma'aunin gane wanda ya kamata a bibiya kafin ya ɓace."

Ka lura, asibitinka bai shigo ba tukuna. Zai shigo a jimla ta gaba a matsayin inda za ka auna abin, tare da dalilin zaɓensa. Amma fa ka tabbatar giɓin na nan da gaske: ka bincika abin da aka wallafa cikin shekara biyar da suka wuce, don ɗan kwamiti ɗaya da ya san takardar da ta riga ka ya isa ya rushe ginin.

Kafin ka mayar musu, ka ɗora tambayoyin bincikenka kusa da wancan sakin layi. Idan giɓin na maganar gajerun katsewa, amma tambayarka ta farko na neman sanin ko majiyyata sun san yadda cutar ke yaɗuwa, ka sauka daga layi. Haka hanyar tattara bayanai: wanda ya ce rajista ba ta kama abu, ba zai koma ya tsaya a kan rajista ba. Sai ka nemi katin shan magani na kowane majiyyaci, ko ƙidayar ƙwayoyin da suka rage a hannunsa, ko hira da shi. Duka bayanin matsalar kada ya wuce shafi ɗaya da rabi, sai dai in ƙa'idar sashenku ta ce wani abu dabam.